Babi na 6: Tallan maganin gargajiya da kayan kwalliya a waya

Darasi na 1

Jama'a yau aikinmu a kan rubutun da kuke sawa a sitatus ne in za ku tallata kaya. A ɗauko waya, a buɗe wurin rubutu, amma kar wanda ya danna turawa tukuna.

Mu ɗauki garin zogale. Ga abin da aka saba rubutawa: "Yana warkar da ciwon suga da hawan jini cikin sati ɗaya, ba sai kin je asibiti ba." To mai ciwon suga in ta karanta wannan sai ta ajiye ƙwayoyinta na asibiti, suga ya hau, ƙishirwa da yawan fitsari su dawo, wani lokacin har ciwon ƙafa ya ƙi warkewa, kuma ke ce kika rubuta. Ciwon suga da hawan jini lallaɓa su ake yi da magani, ba a sati ɗaya suke tafiya ba.

Sai a rubuta haka: "Garin zogale, busasshe, an daka an tankaɗe, ana zubawa a kunu ko miya. Mai shan maganin asibiti kar ya daina, mai ciki ta tambayi likita tukuna." Kun ga an faɗi menene, da yadda ake amfani da shi, ba a yi alkawarin waraka ba.

Yanzu wurin da kuka fi tuntuɓe. Kafin ki tura, karanta rubutun da ƙarfi, ɗora yatsa a kan kowace kalma, ki nemo "yana warkarwa". Kin gani? Goge. Sake karantawa daga farko, a hankali, ba gudu ake ba, ki nemo "sha yanzu magani yanzu" da "ba ya da illa", su ma goge. Sannu da ƙoƙari, haka ake koyo. A sake karantawa karo na uku.

Kuma don Allah, wasunku sai su goge a rubutu su koma su faɗa a saƙon murya, haba! Wa kuke yi wa wayo? Muryar ma talla ce. A saurara kafin a tura.

Darasi na 2

Man shafawa. Kar a rubuta "fari tas a kwana 7". Man da ke saurin haka galibi akwai sinadari mai ƙarfi a ciki, fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi. A 2023 hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi mai zafi kan bilicin. Haɗin da ba ki san abin da ke ciki ba, kar ki tallata.

Darasi na 3

Lambar NAFDAC. Ta maganin gargajiya galibi tana ƙarewa da harafin L, kuma mai L ɗin ba shaida ce ta cewa yana warkarwa ba. In kayanki ba su da lamba kar ki ari ta wani.

Aikin gida: a rubuto tallan sabulun salo, layi uku.