Yadda Za Ka Hasashe CGPA Ɗinka Kafin Sakamako Ya Fito

Da farko, zana jadawali mai ginshiƙi huɗu: sunan kwas, yunit ɗinsa, makin da ka samu a gwaji, da makin da kake sa rai a jarrabawa.

Bayan haka, haɗa maki biyun, ka mayar da jimillar zuwa daraja bisa ma'aunin makarantarku, sannan ka ninka darajar da yunit. Misali, idan B tana da daraja 4, kwas mai yunit 3 zai ba ka 12.

Daga ƙarshe, tara waɗannan sakamakon duka tare da na zangunan karatun da suka gabata, ka raba da jimillar yunit ɗin duk zangunan. Kada ka cire kwas ɗin da kake tsoron faɗuwa, domin yunit ɗinsa yana cikin lissafi ko da darajarsa sifili ce.