Babi na Tara: Karatun Ƙarshe Kafin Takarda Ta Bar Hannunka

Darasi na 1: Ka shirya wurin zama

Ka gama cike takardar neman aiki, ko an kawo maka yarjejeniya ka sa hannu. Kada ka miƙa tukuna. Ka ajiye ta ta kwana, in lokaci ya ba da dama. In kuwa yau ne za a rufe karɓa, ka tashi ka ɗan zaga ka dawo. Idon da ya gama rubutu yanzu-yanzu ba ya ganin kuskurensa.

Ka zauna inda akwai haske, babu hayaniya. Ka sa takardar a gabanka. A gefe ka ajiye katin shaidarka da duk takardun da ka kwafo wani abu daga cikinsu. Ka riƙe fensir, ka samu farar takarda guda ɗaya. Biro ya jira, sai ƙarshe za mu neme shi.

Darasi na 2: Yatsa a ƙasa, baki a buɗe

Ka rufe rubutun da farar takardar nan, ka bar layin farko kaɗai a fili. Ka ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma ta farko. Ka faɗe ta da murya, yadda kunnenka zai ji. Sai ka matsar da yatsa zuwa ta biyu, ita ma ka faɗa. In layi ya ƙare, ka ja farar takarda ƙasa kaɗan.

Me ya sa da murya? Wanda yake karatu a zuci yakan karanta abin da ya yi niyyar rubutawa, ba abin da hannunsa ya rubuta ba. In kalma ta faɗi, zuciya ta cike masa gurbin bai sani ba. Baki kuwa sai ya yi tuntuɓe a wurin. Duk inda harshenka ya harɗe, ka sa ɗigo da fensir a gefen layin, ka ci gaba. Gyara sai an kai ƙarshe.

Kada ka ji kunya don karatunka a hankali yake. A wannan aikin mai jan karatu ya fi mai gudu kama kuskure.

Yanzu ga wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa, wato lambobi. Lamba ba a karanta ta dunƙule, ɗaya bayan ɗaya ake kiranta. A ce lambar fayil ɗinka 40718 ce. Yatsan hagu a kan takardar asali, na dama a kan wadda ka cike. Ka ce: huɗu, sifili, bakwai, ɗaya, takwas. Ka dubi ɗayar, ka sake faɗa. Wanda ya rubuta 40178 zai rantse daidai ya yi, domin duk lambobin biyar suna nan, bakwai da ɗaya ne kawai suka canza wuri. Kallo ba ya kama wannan. Sai yatsa da baki.

Mu gwada da yarjejeniyar hayar ɗaki. Kun yi magana baki da baki da mai gida: shekara ɗaya, kuɗi dubu ɗari da hamsin, gyaran rufi a kansa. Ga abin da aka bugo:

"Haya za ta fara 1 ga Maris 2025, ta ƙare 28 ga Fabrairu 2025. Kuɗin haya 150,000 (dubu goma sha biyar). Ɗan haya zai biya kuɗin gyaran rufi."

Ɗora yatsa. Shekarar farawa: biyu, sifili, biyu, biyar. Shekarar ƙarewa: biyu, sifili, biyu, biyar. Ka ji? Fabrairu tana zuwa kafin Maris, ke nan hayar ta ƙare tun ba ta fara ba. Daidai shi ne 28 ga Fabrairu 2026.

Ɗora yatsa kuma a kan kuɗin. Ɗaya, biyar, sannan ka ƙirga sifili: guda huɗu. Dubu ɗari da hamsin ke nan. Amma cikin baka an rubuta dubu goma sha biyar, wanda sifilinsa uku ne. Kada ka ce ai garaɓasa ce ta faɗo maka. Takardar da lambarta da kalmarta suka saɓa rigima ce take jiran ranarta, kuma ba ka san wanda za ta kayar ba. Dole su zama ɗaya kafin kowa ya sa hannu.

Layin ƙarshe babu lamba, amma kalmomi biyu sun ɓace. "Ɗan haya ba zai biya ba" aka so a rubuta, sai "ba" ɗin suka faɗi, rufi ya dawo kanka. Saboda haka ka rage gudu duk inda ka zo kan "ba", "kafin", "bayan", "sai dai", "ko". Ƙanana ne, amma su suke nuna wanda nauyi ya hau kansa.

Na sha ganin mutum ya yi layi uku da yatsa, ya ga abin yana tafiya lafiya, sai ya janye hannu ya rufe baki ya bi sauran da ido. Haba jama'a! To me muka zauna yi tun ɗazu? Kuskuren ba ya sanar da layin da zai ɓuya. Ka mayar da yatsan nan. Lamba ɗaya bayan ɗaya, da murya, har ƙarshen shafi na ƙarshe, har da ƙananan rubutun da ke can ƙasa.

Darasi na 3: Suna da kwanan wata

Suna ma harafi-harafi ake binsa, daga katin shaida, ba daga ka ba. In katin ya ce Muhammad, kada ka rubuta Muhammadu don haka ake kiranka. Ma'aikacin da zai duba bai san ka ba, takardu biyu zai haɗa ya gani ko sun dace.

Kwanan wata kuma ka rubuta sunan watan in akwai wuri. 03/04/2025 a wurin wasu 3 ga Afrilu ce, a Amurka kuwa 4 ga Maris ce. In akwatuna aka zana maka, ka duba wanne ne na rana, wanne ne na wata. Nan ma da yatsa.

Darasi na 4: Jerin dubawa

Ka kwafe wannan a bayan littafinka. Ka sa alama a gaban kowanne bayan ka gani da idonka:

1. Babu gurbin da na bari fanko. Inda bai shafe ni ba na ja layi.
2. Shafuka sun cika, lambobinsu a jere suke.
3. Duk takardar da aka ce a haɗa na haɗa.
4. Na duba ranar rufewa da adireshin da za a kai.
5. Duk inda aka gyara da hannu a yarjejeniya, mu biyu mun sa hannu a gefensa.
6. Na sa hannu da kwanan wata, shaidu ma sun sa.
7. Na ajiye kwafi, ko na ɗauki hoton kowane shafi.

Kada ka taɓa sa hannu a takardar da aka ce "za mu cike sauran daga baya".

Darasi na 5: In ta waya za ka tura

Ka buɗe abin da ka liƙa ka tabbata shi ne, kuma yana karantuwa. Ka karanta adireshin harafi-harafi, sannan ka danna.

Aikin gida: ka sake rubuta layuka ukun nan na yarjejeniyar haya yadda ya kamata. A zo da fensir.