Yadda na gano kuskuren cike lissafi a takardar kuɗin makaranta

Takardar kuɗin makarantarmu ta raba kuɗin shekara, wato 100,000, zuwa zango 3, kuma a kowane zango ta nuna 33,334. Da na haɗa su sai na sami 100,002, alhali kuwa jimillar da ke saman takardar 100,000 ce.

Da ma'ajin makaranta ya buɗe mini takardar a kwamfuta, sai muka ga kuɗin shekara yana gurbin B2, an kuma yi amfani da `=ROUNDUP(B2/3,0)`, wanda kullum yake ɗaga 33,333.33 zuwa lamba ta gaba, sannan aka maimaita shi a zangon uku duka. Sauya shi da `ROUND`, wanda ke kai lissafi zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa, ba zai wadatar ba, domin jimillar za ta koma 99,999, makarantar ce kuma za ta yi asara.

Abin da muka yi shi ne, zango na farko da na biyu, a gurbin C2 da D2, suka ɗauki `=ROUND(B2/3,0)`, na uku kuma ya ɗauki ragowar da `=B2-C2-D2`, wato 33,334. Mun ƙara ginshiƙin da ke cire jimillar zangunan daga kuɗin shekara, wanda dole ya nuna sifili a layin kowane ɗalibi.