Yadda Za Ka Yi Jawabin Amini a Walimar Kammala Karatu, Iyaye Su Yi Dariya Ba a Ji Kunya Ba

Idan amininka ya gama karatu aka haɗa masa walima, ko a wani ɗakin taro a Birnin Kebbi ko a ƙofar gidansu cikin rumfa, akwai lokacin da mai gabatarwa zai ce a ba babban abokinsa dama ya ce wani abu. Wahalar wannan jawabi ɗaya ce. Abubuwan da kuke dariya a kai a ɗakin kwanan ɗalibai, yawancinsu ba sa faɗuwa a gaban mahaifinsa, amma kuma idan ka tashi ka zuba yabo zalla, mutane za su koma kan wayoyinsu. Aikinka shi ne ka samo raha guda wadda abokai za su ƙyalƙyale da ita, Baba ma ya murmusa, kuma idan dariyar ta lafa a ga halin kirkin mutumin a ƙarƙashinta.

Kafin ka rubuta komai, tambayi wanda ke shirya taron su wa za su zo. Walimar da abokai suka yi karo-karo suka haɗa daban take da wadda mahaifi ya gayyaci liman, da hakimi ko wakilinsa, da malaman makaranta. Ka tambaya kuma a wane wuri aka sa ka cikin jerin masu magana. Idan bayan wa'azi ne da jawabin uba, to mutane sun zauna sun gaji, ƙamshin abinci yana dukan hancinsu, sai ka gajarta. Idan taron bayan La'asar ne, ka lura da Magariba, don ba a yin takara da ladan. Minti uku sun isa, wato abin da bai wuce shafi ɗaya na rubutun hannu ba.

Daga nan sai zaɓen labari, kuma a nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Zauna ka rubuta duk abin da ka tuna na zamanku, ko da guda goma ne, sannan ka fara sokewa. Soke duk abin da ya shafi budurwa, ko da an kusa kai kuɗin gaisuwa. Soke kwas ɗin da ya faɗi ya maimaita, da matakin sakamakon da ya fita da shi idan ba shi ya ba ka izini ba. Soke bashi, da ranar da kuɗin makaranta ya gagara, domin wannan ba shi kaɗai zai taɓa ba, mahaifin da ke zaune a kujerar gaba ne zai ji an tona masa asiri. Soke laƙabin da kuke kiransa da shi idan bayaninsa ba zai faɗu ba. Kada ka manta wayoyi goma ne za su ɗauke ka, kuma kafin ka kai gida maganarka ta zagaya WhatsApp har wurin gwaggonsa da ba ta zo ba.

Abin da ya rage sai ka gwada shi da tambaya biyu. Ta farko: idan mahaifiyarsa ta ji, za ta yi dariya ko za ta sunkuyar da kai? Ta biyu: wane hali labarin yake nunawa? Idan amsar ita ce ba ya nuna komai, dariya ce kawai, to ka bar shi don hirar shayi. Labarin da ake nema shi ne wanda daga waje ya yi kama da tsiya, daga ciki kuma yabo ne.

Ga misali. A ce amininka ɗan wani manomin shinkafa ne daga wajen Argungu, ya karanta lissafi a jami'ar Aliero, kun zauna ɗaki ɗaya. Abin da ka fi tunawa shi ne duk farkon zango yakan zo da buhun shinkafa daga gida, ya zauna da biro ya ƙididdige gwangwani nawa za a riƙa dafawa kullum don ta kai ƙarshen zango, amma ba ta taɓa wuce mako uku ba, saboda duk wanda ya leƙo ɗakin sai ya ce masa bismillah. Wannan labari ya ci gwajin. Akwai abin dariya a ciki, mai digirin lissafi da lissafinsa bai taɓa fita ba. Akwai hali, wato kyauta. Sannan akwai ƙofar da za ka bi ka shigo da iyayensa, tunda shinkafarsu ce.

Amma fa labarin nan ɗaya ana iya ɓata shi. Idan ka ce, "Wannan da kuke gani, kullum abincinsa ƙarewa yake yi, sai ya koma bin ɗakunan mutane," za a yi dariya a layin baya, amma ka mai da shi maroƙi, ka kuma nuna kamar gida ba sa aika masa isasshe. Gyaran shi ne ka juyo da tsiyar kanka. Kai ne ka ci shinkafar, don haka kai ne abin dariya. Mutum ba ya jin haushin raha idan mai yin ta shi ya fara ɗaukar kaso mafi nauyi.

Yanzu tsarin maganar. Fara da sallama da godiya ga Allah, sai gaisuwa bisa girma: malamai da masu sarauta idan suna nan, sai iyaye, sai malaman makaranta, sai sauran jama'a. A yi ta cikin jimla biyu. Wasu sukan tsaya jero sunaye da muƙamai har rabin lokacinsu ya tafi, kuma duk da haka su manta da wani, ya ƙullace su. Ka ce "iyayenmu da malamanmu", ka ware mutum ɗaya ko biyu da ba a tsallakewa. Kada ka kama sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Baba da Inna, ko yadda shi yake kiransu. In kuma ɗan fari ne, ka sassauta wajen fuskantar iyayen kai tsaye da yabonsa, domin a gidaje da yawa har yanzu akwai kunyar ɗan fari, kana cewa "ɗanki" za ka ga ta kau da kai.

Bayan gaisuwa, jimla ɗaya ta faɗi ko kai wane ne a wurinsa, sai ka shiga labarin. Ga yadda zai iya fita:

"Ni ne wanda Allah ya haɗa ɗaki ɗaya da shi tun shekarar farko. Baba, yau ina da abin da zan amsa a gabanka, kuma ina neman afuwa tun kafin in faɗa. Shinkafar nan da kake aiko masa duk zango, kana mamakin yadda yaro ɗaya yake cinye buhu, to ba shi ba ne. Mu ne. Ga sauran masu laifin can a layin baya, sun san kansu. Ranar da buhu ya iso, sai ya ɗauko biro ya yi lissafi, ya ce gwangwani kaza kullum, za ta kai mu jarrabawa. Jama'a, yau an ba shi digiri a lissafi, amma wannan lissafi guda bai taɓa fita daidai ba. Dalili kuwa, duk wanda ya ɗaga labulen ɗakinmu, ko ya san shi ko bai san shi ba, sai ya ce a ƙaro cokali."

A nan ka tsaya. Bari a gama dariya, kada ka yi magana a kanta, kuma kada kai ka riga mutane yin ta. Sai ka sauke murya ka juya:

"A cikin waɗanda suka ci, akwai wanda ranar nan bai karya ba, kuma bai gaya wa kowa ba. Shi ya kan gane, amma bai taɓa nunawa ba. Baba, Inna, wannan hali ba a aji ya koya ba, daga gida ya zo da shi. Allah ya saka muku da alheri."

Ka lura ba a ce "mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai gaskiya, mai riƙon amana" ba. Waɗannan kalmomi ana faɗarsu a kowane taro game da kowa, shi ya sa ba sa shiga kunne. Cokalin da ake ƙarowa ya fi su faɗin gaskiya.

Idan kana son raha ta biyu, ɗauko wadda ta shafi kowa. Waɗanda yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya rutsa da su, wanda ya kai wata takwas, suna iya cewa digirin shekara huɗu suka nema aka yi musu gyara. Haka maganar bautar ƙasa da ke tafe: kana iya roƙon Allah ya sa a tura shi inda ake noman shinkafa. Wasan taubasantaka ko na tsakanin ƙabilu, irin na Fulani da Barebari, yana ƙayatarwa idan da ma akwai shi tsakaninku kuma mutanen wurin sun sani. Idan babu, kada ka aro shi ranar. Raha biyu ta wadatar; ta uku takan mai da amini ɗan kama.

Rufewa da addu'a ake yi. A wasu wuraren matasa sukan ɗaga kwalaben lemo ko kofin zoɓo, in abokai ne zalla ba laifi, amma a gaban dattawa abin da ke haɗa bakin jama'a shi ne "amin". Yi addu'a uku gajeru, kana barin fili tsakaninsu: Allah ya sa albarka a karatun, Allah ya ba shi aiki na halal mai amfani, Allah ya ba iyaye tsawon rai su ci moriyarsa. Kada ka ja ta, tunda akwai malamin da aka tanada don addu'ar rufe taro.

Sauran abin da ya rage gwaji ne. Karanta shi da ƙarfi kana duba agogo, sannan ka karanta wa wani yayansa ko yayarsa, su ne suka san abin da ba a taɓawa a gidan. Shi kansa amininka ka gaya masa wane labari za ka bayar, ko da ba ka faɗa masa yadda za ka juya shi ba. In ya ce a'a, a'a ce. Kada ka hau da cikakken rubutu kana karantawa. Rubuta kalmomi biyar a ƙaramar takarda: gaisuwa, buhu, lissafi, gida, addu'a. Ka yi magana da Hausar da kake yi kullum, in Sakkwatanci bakinka ya saba da shi to da shi za ka yi, domin raha takan mutu a bakin mai kwaikwayon karanta labarai. Makirfo kuwa ka riƙe shi kusa da haɓa, in wuta ta ɗauke ka matso kusa da kujerun iyaye ka ɗaga murya ka ci gaba.

Duk wannan haka yake ga ƙawa da za ta yi wa aminiyarta, sai dai jerin abin sokewa ya ƙaru da ɗaya: kada ta rufe da tsokanar "saura aure". Kowa zai yi dariya ban da mai walimar, wadda wataƙila ta ji wannan magana sau biyar tun safe.