Yadda ake haɗa bidiyoyin hidimomin gida su zama labari guda

Kusan duk wanda ya kawo mini aikinsa na farko a nan Kaduna, kuskure ɗaya nake tararwa: ya buɗe CapCut, ya zuba duk bidiyon da ke wayarsa bisa jerin kwanan wata, ya ɗora waƙa a kai. Sai a samu minti tara na suna, walima, Sallah da biki, mai kallo kuma ya ajiye waya tun a minti na biyu. Ban zo koya maka yanka da liƙawa ba, wannan ka iya. Abin da ke kayar da mutane shi ne zaɓen abin da zai ɗaure bidiyoyin wuri guda, kuma a kansa zan daɗe.

Da farko kada ka buɗe manhajar tukuna. Ɗauki biro da takarda, ka kalli kowane bidiyo, ka rubuta layi ɗaya a kansa: wa ke ciki, me yake yi, daƙiƙa nawa ne mai amfani. Sunan hidimar ba ya cikin abin da za ka rubuta. Ka rubuta "Inna na tuƙa tuwo, daƙiƙa 6", ka bar "sunan Ummi". Da zarar ka daina kiran su da sunan biki, za ka fara ganin abin da ke maimaituwa.

Ga yadda ta kasance da ni. Na tara bidiyo 52 daga wayoyin 'yan gidanmu na Tudun Wada: sunan 'yar yayata, walimar saukar ƙanena, ƙaramar Sallah, da bikin autarmu, duk cikin shekara uku. Karon farko na jera su yadda suka faru. Da na nuna wa Yaya, ya kalla ya ce, "To, ya yi kyau, amma me kake son ka ce mana?" Ban da amsa. Na koma kan takardar, sai na lura Inna ta fito a bidiyo 19, kuma a 18 daga ciki a tsaye take: tana hura wuta, tana rabon abinci, tana gyara wa amarya lulluɓi, tana rakiyar baƙi zuwa zaure. Guda ɗaya tak aka kama ta a zaune kan tabarma da jika a cinya, daƙiƙa 7, wanda ya ɗauka ma wani abin daban yake nufin ɗauka. Nan labarin ya fito: yaushe matar nan za ta zauna?

Abin da za ka nema ke nan, mutum ɗaya da tambaya ɗaya. Ni ba na yarda da mutum biyu, don da ka raba hankalin mai kallo, ka koma jerin biki. Idan ba ka iya faɗin labarin a jimla guda ba, ba ka same shi ba, ka ci gaba da duba takardar. Wani gidan yaro ne da ke ɓuya bayan uwarsa a suna har ranar da ya tsaya gaban jama'a ya yi karatu a walima. Wani kuma kaka ce da ake tarowa daga tashar Kawo duk hidima, a mayar da ita bayan an watse.

Da ka samu tambayar, ƙarshe za ka fara zaɓa. Ka ware bidiyon da ke amsa tambayar, ka ajiye shi can gefe, kada ka taɓa shi. Sabbin hannu sukan saka mafi kyawun abinsu a farko don su burge, daga nan duk abin da ya biyo baya sai ya yi sanyi.

Farkon kuwa gajere ne, daƙiƙa 20 sun isa, bidiyo biyu ko uku. Aikinsa ya nuna wuri da mutum kafin hayaniya. Ni na buɗe da tsakar gida babu kowa da sassafe, daga ranar Sallah, sai Inna na hura wuta, daga ranar suna. Shekara biyu ne tsakanin su, amma hasken safiya iri ɗaya ne, don haka suka zauna tare. Dabarar ita ce ka ɗauki dukkan hidimomin kamar wuni guda: na safe da na safe, na rana da na rana, na dare a ƙarshe. Kada ka yi ƙoƙarin ɓoye cewa ranaku daban ne, ankon zai tona ka, kuma dangi sun san wanda ya saka me. Rubuta shekara ƙarama a kusurwa duk lokacin da hidima ta sauya, shi ke nan.

Tsakiya ce ta ba ni wahala, sau uku ina rushe ta. Ko bayan na tace bidiyoyin Inna, abin bai motsa ba, don kowane bidiyo maimaita na baya yake: tana aiki, tana aiki, tana aiki. Maganin shi ne kowane sashe ya fi na baya nauyi. Sai na jera su bisa yawan jama'a da ƙarar wurin. Suna na fara sakawa, mata kaɗan a ɗaki. Sai walima, an shimfiɗa tabarmi har ƙofar gida. Sai Sallah, yara na shige da fice ana raba musu barka da Sallah. Biki ya zo ƙarshe da guɗa da kiɗa da manyan tukwane kan murhu. Tsawon yankan ma na riƙa rage shi: a suna daƙiƙa 8 zuwa 10 kowanne, a biki 3 zuwa 4. Mai kallo ba zai ƙirga ba, amma zai ji gajiyar na taruwa a jikinsa, kuma abin da ake so ke nan kafin ta zauna.

Akwai hanyar gwaji. Cire kowane bidiyo na tsakiya ka sake kallo. Idan ba ka ji an rasa komai ba, kada ka mayar da shi. Ta haka na zubar da rawar abokan ango, wadda ta fi kowanne kyan hoto, saboda Inna ba ta ciki. Ya yi mini ciwo, kuma ƙanena ya yi ƙorafi. Daga 52 na tsira da 17, minti biyu da rabi.

Wajen haɗa hidima da hidima, bar waɗancan juye-juyen na walƙiya da birkicewa. Nemi motsi mai kama da juna: hannunta na miƙa kwano a walima, ka yanke zuwa hannunta na miƙa kwano a Sallah. Ko ka danna Extract audio, ka ja sautin bidiyo na gaba ya fara daƙiƙa ɗaya kafin hotonsa ya bayyana, ta yadda za a ji guɗa tun ana kallon yaran Sallah. Waƙa kuma ka rage ta sosai a Volume, muryoyin mutanen gida sun fi ta daraja. A zaman Inna na ƙarshe na kashe waƙar gaba ɗaya, na bar ƙarar wanke-wanke daga nesa, na rage gudun hoton kaɗan har daƙiƙa 7 ɗin suka kai 10.

Sauran abubuwan da sauri. Idan yawancin bidiyon a tsaye aka ɗauka, zaɓi 9:16, na kwance ka cike bayansu da Blur, kada ka ja su har kawuna su yanke. Ka roƙi dangi su turo maka ta WhatsApp a matsayin Document, in ba haka ba hoton zai dushe, ko ka je da wayarka ku tura ta Xender ka huta da kashe data. Fitar da aikin a 1080p. Kafin ka saka a zauren dangi, nuna wa matan da suka fito a ciki, don bidiyon cikin gida yakan kama wata babu mayafi, kuma in ta ce a cire, ka cire ko da shi ne ya ɗaure maka tsakiyar.