Kurakuran da ke rusa adashe da yadda za a gyara su

Yawancin adashen da ke watsewa a Kaduna, ko na 'yan Kasuwar Barci ne ko na matan gida a Rigasa da Kawo, ba sata ce ke watsa su ba. Abin da ke watsa su shi ne a fara zubi ba tare da an zauna an yanke abin da za a yi idan wani ya kasa kawo kuɗinsa ba, sai ranar da abin ya faru kowa ya zo da nasa hukuncin, alhali a lokacin kowa yana da abin da yake karewa.

Kuskure na farko shi ne dogaro da ƙwaƙwalwar uwar adashe, ko da wani littafi da ita kaɗai ke iya karantawa. Adashe bashi ne da mutane ke bai wa junansu bi da bi, kuma aya ta 282 a cikin Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, saboda haka babu dalilin da zai sa wani ya ɗauki rubutu a matsayin zargi. A shafin farko na littafin a rubuta sunan kowa, da yawan hannun da ya ɗauka, da kuɗin zubi, da ranar zubi, da jerin kwasa tun daga na farko har na ƙarshe. Kowane mako ya samu shafinsa, mai zubi ya sa hannu ko ya dangwala a gaban sunansa, wanda ya kwashe kuma ya rubuta adadin da ya karɓa a gaban shaidu biyu. Kowa ya riƙe ƙaramin kati da uwar adashe za ta sa wa hannu duk ranar da ta karɓi kuɗinsa, domin littafi ɗaya yana iya ɓata ko ya jiƙe. Wanda ya biya ta banki, kada a rubuta masa ya biya don ya nuna hoton rasit a waya, sai mai asusun ya duba ya ga kuɗin sun shiga, domin rasit na bogi ya yawaita, kuma akwai tura kuɗin da ke komawa wa mai shi.

Kuskure mafi tsada, wanda kuma ba a cika lura da shi ba, shi ne a ɗauki duk masu fashin zubi a matsayin abu ɗaya. Wanda ya daina zubi kafin ya kwasa, shi ke bin ƙungiya kuɗi. Wanda ya daina bayan ya kwasa, ƙungiya ce ke binsa. Dokar da ba ta raba waɗannan biyun ba za ta zalunci na farko, ta kuma bar na biyun ya tafi da haƙƙin mutane.

A ɗauka mutum goma ne, kowa yana zuba naira 20,000 duk mako, ana kwasar naira 200,000. Wata mai lamba ta takwas ta yi zubi huɗu, wato naira 80,000, sai ciniki ya tsaya mata. Abin da aka saba gani shi ne a riƙe kuɗinta a ce ta yi asara, ko kuma a matsa wa uwar adashe ta biya ta daga aljihunta, kuma duka biyun ba daidai ba ne. Kuɗinta suna hannun mutum huɗun da suka riga suka kwasa, kowannensu da naira 20,000. Idan an samu wanda zai maye gurbinta, sai ya ba ta naira 80,000 ɗinta ya gaji lambarta. Idan ba a samu ba, sauran mutum biyar da ba su kwasa ba za su riƙa karɓar naira 180,000, kuma ba su yi asarar ko kwabo ba, domin a makon da ya kamata ta kwasa ba za su zuba komai ba. A wannan makon mutum huɗun farko ne kawai za su kawo nasu a miƙa mata, lissafi ya rufe.

Amma idan mai lamba ta uku ne ya daina bayan mako na huɗu, magana ta sauya. Ya karɓi naira 200,000, ya zuba naira 80,000, saura naira 120,000 a kansa, kuma idan ba a yi tanadi ba, mutum shida na ƙarshe ne za su ɗauki wannan asara, kowa a rage masa naira 20,000, alhali su ne suka fi kowa haƙurin jira. A nan ne ake gane amfanin abubuwa biyu da ya kamata a yi tun kafin zubin farko. Na ɗaya, duk wanda zai kwasa a rabin farko ya kawo mai tsaya masa, wanda zai sa hannu a littafi cewa zai ci gaba da zubin idan shi ya gaza, kuma ya fi kyau mai tsayawar ya kasance ɗan ƙungiyar da lambarsa ke can baya, domin ana iya cirewa daga kwasarsa. Na biyu, kowa ya ajiye zubi ɗaya na musamman tun farko, wanda za a mayar masa idan an kammala lafiya. A misalinmu ajiyar ta kai naira 200,000, za ta cike giɓin kowane mako a kan lokaci, kuma ko da ba a karɓo bashin ba, asarar ta rabu kan kowa maimakon ta faɗa wa mutum shida. Wannan ajiya kada ta zauna a hannun mutum ɗaya. A sa ta a asusun da sai mutum biyu sun amince kafin a cire.

Daga nan kuma ake ganin illar jefa ƙuri'a ga kowa da kowa ba tare da bambanci ba. Ƙuri'a adalci ce tsakanin waɗanda aka daɗe ana yi da su, amma sabon shiga, ko ɗan'uwan wane ne, lambarsa ta kasance a baya har sai ya kammala zagaye ɗaya. Haka nan mai hannu biyu, kada a ba shi lambobi biyu a jere a farko.

Sai batun tarar makara. Ƙungiyoyi da dama suna ɗora wa wanda ya makara ƙarin kuɗi, amma tun da adashe bashi ne, malamai da yawa suna ganin ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ne, kuma ni ina ganin akwai hanyar da ta fi tarar tasiri. A rubuta wa'adi bayyananne, misali kwana biyu bayan ranar zubi. Wanda ya wuce wa'adin sau biyu kafin ya kwasa, a mayar da lambarsa baya. Wanda ya riga ya kwasa, a kira mai tsaya masa tun a fashin farko, kada a jira bashi ya taru don jin nauyi. Rashin lafiya da rasuwa su ma a rubuta hukuncinsu: wanda ya rasu bayan ya kwasa, ragowar bashi ne da ake fitarwa daga dukiyarsa kafin rabon gado, wanda kuma bai kwasa ba, magadansa ne ke da abin da ya zuba. Saboda haka kowa ya bayar da sunan wani na gidansa da ya san yana cikin adashen.

Ladan uwar adashe, idan akwai, a faɗi adadinsa a rubuta tun ranar farko, kada a bari sai an zo kwasa ta cire abin da ta ga dama. A kuma rubuta wanda za a kai wa ƙara idan an samu saɓani, ko shugaban layi a kasuwa ko mai unguwa, kafin a kai ga kotu. Dokokin nan duka ba za su wuce shafi ɗaya ba. A karanta su da babbar murya a zaman farko saboda waɗanda ba sa karatu, kowa ya sa hannu, sannan a karɓi zubin farko.