Hotsifot na gigahaz 5: dalilin saurinsa da kurakuran da ke sa tsohuwar na'ura ta kasa ganinsa

Ga abin da ke yawan faruwa. Mutum ya kunna hotsifot a sabuwar wayarsa, wayar abokinsa ta gan shi nan take ta hau, amma tsohuwar kwamfutar cinya da ke kan tebur ɗaya ko sunansa ba ta nuna ba. Tana ganin wayifai na maƙwabta har guda biyar, ban da wannan da ke gabanta. Sai a shiga kashewa da kunnawa, a canza kalmar sirri, wani ma har ya kai kwamfutar a sake mata Windows. Alhali babu abin da ya lalace. Wayar tana watsawa ne a zangon gigahaz 5, katin wayifai na kwamfutar kuwa zangon 2.4 kaɗai yake ji. Kamar tsohon akwatin rediyo ne mai gajeren zango da matsakaici: komai ƙarfin tashar FM, kuma ko a ƙofar gidan rediyon kake, ba zai kama ta ba, domin ba a saka masa abin kama ta a ciki ba.

Daga ina saurin yake zuwa

Mutane da dama suna ɗauka cewa tunda 5 ya fi 2.4 yawa, siginar ce take gudu da sauri. Gudun siginar ɗaya ne a zangunan biyu. Bambancin yana wajen fili. Zangon 2.4 gaba ɗayansa bai wuce megahaz 83 da rabi ba, kowace tasha kuma tana cin 20, shi ya sa tashoshi uku kacal ke iya zama ba tare da sun taka juna ba: 1 da 6 da 11. A cikin wannan ɗan filin ne bulutut yake aiki, da linzamin kwamfuta mara igiya, da hotsifot na duk wanda ke kusa da kai. Idan na'urori biyu suna tasha ɗaya, dole ɗaya ta yi shiru har ɗayar ta gama. A kasuwar waya ko ɗakin kwanan ɗalibai, jiran layin nan shi ne yake cinye saurin.

Zangon 5 yana da tashoshi sama da 20 da ba sa taka juna, kuma ana iya ɗaure huɗu su zama hanya ɗaya mai faɗin megahaz 80. Na'ura mai eriya ɗaya a zangon 2.4, bisa tsarin 802.11n da faɗin 20, iyakarta megabit 72 a daƙiƙa. Irinta a zangon 5, bisa tsarin 802.11ac da faɗin 80, tana kai 433. Waɗannan lambobin haɗi ne. Abin da ke isowa hannu a aikace yakan tsaya wajen rabi ko ɗan sama da haka. Fayil mai gigabait 1 da zai ci minti 3 da daƙiƙa 20 a kan megabit 40, a kan megabit 200 daƙiƙa 40 zai ci.

Kuskure na farko: neman gyaran manhaja ga matsalar ƙarfe

Wannan shi ne ya fi cin kuɗin mutane da lokacinsu. Kafin a taɓa komai, a fara tambayar katin abin da ya iya. A Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
netsh wlan show drivers
```

Nemi layin da ya ce Radio types supported. A ce kwamfutar irin ta hannun nan ce da aka ƙera wajen 2013, sunan katinta Realtek RTL8188EE, layin kuma ya nuna haka:

```
Radio types supported : 802.11n 802.11g 802.11b
```

Magana ta ƙare. Tsarin b da g na zangon 2.4 ne kaɗai. Harafin n shi ne mai ruɗar mutane, domin tsarin da aka tabbatar a 2009 ya yarda a yi shi a zango ɗaya ko a biyu, kuma katuna masu araha da yawa sun tsaya a 2.4. Abin dubawa shi ne ko akwai 802.11a ko 802.11ac a jerin. Idan ɗaya daga cikinsu yana nan, katin yana jin zangon 5. Idan b da g da n ne kawai, sabunta direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ko sau goma ba zai ƙara masa kunne ba. Atheros AR9285 da Realtek RTL8723BE da Intel Centrino Wireless-N 2230 duk 'yan wannan rukunin ne, kuma sun cika kwamfutocin da ake sayarwa na hannu.

Gyara mafi sauƙi a wayar yake. A Android, shiga saitin hotsifot ka nemi AP Band ko Band, ka zaɓi 2.4 GHz. A wasu sababbin wayoyi maɓallin Extend compatibility ne yake wannan aikin. A iPhone 12 zuwa sama, shiga Personal Hotspot ka kunna Maximize Compatibility. Ka kashe hotsifot ɗin ka sake kunnawa, ka ba kwamfutar kamar daƙiƙa 20 ta sake lalube, sunan zai fito.

Wanda yake son saurin a kan wannan kwamfutar dai, ya sayi ɗan adafta na USB da aka rubuta Dual Band ko AC600 a kwalinsa. A kula sosai a nan: ƙananan da aka rubuta 150Mbps ko 300Mbps kawai, galibinsu 2.4 ne, wato ka sayi abin da kake da shi. Canza katin ciki ma yana yiwuwa, sai dai wasu tsofaffin HP da Lenovo suna ƙin kowane katin da ba ya cikin jerin da aka saka a BIOS ɗinsu, har kwamfutar ta ƙi tashi sai an cire shi. A ganinmu adaftan waje ya fi kwanciyar hankali. Idan kuma kwamfuta ɗaya ce tal, haɗa ta da wayar da igiya ka kunna USB tethering. Babu ruwanka da zango, wayar ma tana samun ɗan caji.

Ba kwamfuta kaɗai ba ce. PlayStation 4 na asali bai san zangon 5 ba, sai Slim da Pro. Yawancin kyamarorin tsaro na gida, da firinta masu wayifai, da ƙananan wayoyi masu araha, har sababbi fil, a 2.4 suke. Sabunta ba hujja ba ce, a karanta bayanin kwali.

Kuskure na biyu: katin ya iya, amma an ce bai iya ba

Wani lokaci umarnin ya nuna 802.11a ƙarara, amma hotsifot bai fito ba. Wuri biyu ake dubawa. Na farko saitin katin: Device Manager, sannan Network adapters, danna dama a kan katin, Properties, sai Advanced. Idan Wireless Mode yana kan b/g kaɗai, mayar da shi kan zaɓin da ya haɗa da a. A irin wannan yanayin ne saitin katin ko direba ke magance matsalar.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne tasha. Zangon 5 gida-gida ne: akwai 36 zuwa 48, akwai 52 zuwa 64, akwai 100 zuwa 140, sannan 149 zuwa 165. Kowace ƙasa da waɗanda ta halatta, na'ura kuma tana zuwa da dokar kasuwar da aka ƙera ta dominta. Kwamfuta ko talabijin da aka yi wa kasuwar Turai ko Japan tana iya ƙin duba 149 zuwa sama, wayar kuwa ta je ta zauna a 149. Kowannensu yana zangon 5, amma ba za su haɗu ba. Alamarsa ita ce na'urar tana ganin wasu wayifai na zangon 5 amma ba ta ganin naka, ko ta gan shi yau gobe ta rasa. Idan wayar ko MiFi tana ba da zaɓin Channel, cire ta daga Auto ka ɗora ta a 36 ko 40 ko 44 ko 48, waɗanda kusan kowace na'ura mai zangon 5 ta yarda da su. A guji 52 zuwa 140 in da hali. Ana raba su da na'urorin rada, don haka mai watsawa sai ya saurara kamar minti ɗaya kafin ya fara, kuma da ya ji rada zai yi ƙaura, haɗin ya yanke.

A bambanta rashin gani da ƙin shiga. Idan sunan ya fito amma aka ce ba a iya haɗawa ba alhali kalmar sirri daidai take, yawanci tsaro ne: wayar tana kan WPA3, tsohon katin kuwa WPA2 ya sani. Mayar da Security zuwa WPA2-Personal. Kada a cire kalmar sirrin gaba ɗaya don a samu shiga, maƙwabta za su shanye datar.

Kuskure na uku: zaton gigahaz 5 shi ne 5G

Ba su da dangantaka. 5G hanya ce tsakanin wayarka da turken kamfanin sadarwa, gigahaz 5 kuwa tsakanin wayarka da kwamfutarka. Waya mai 4G tana iya watsa hotsifot a zangon 5. Wasu na'urorin gida da ke liƙa 5G a ƙarshen sunan wayifai ɗinsu su ne suka ƙara ruɗanin.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne intanet ba zai wuce abin da sabis ya kawo ba. Idan gwajin sauri a kan wayar kanta ya nuna megabit 12, zangon 2.4 mara cunkoso zai ɗauke shi ba wahala, komawa 5 ba zai ƙara komai ba. Ribar tana bayyana ne idan sabis ya haura megabit 40 ko 50, ko wurin ya cika da wayifai, ko ana tura manyan fayiloli tsakanin na'urori biyu kai tsaye. A yi gwaji sau biyu, ɗaya a wayar, ɗaya a kwamfutar da ke kan hotsifot. Idan sakamakon ya yi kusa da juna, laifin ba na zango ba ne.

Kuskure na huɗu: ajiye wayar a wani ɗaki

An saba ɗora waya a taga inda sabis ya fi kyau, a koma can cikin ɗaki ana aiki. Zangon 5 bai jure wannan kamar 2.4. Tsawon igiyar siginarsa wajen santimita 6 ne, na 2.4 kuwa 12 da rabi, kuma ko a fili ƙarfin da ke isa eriya yakan zama kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da 2.4 zai kawo a nisa ɗaya. Bangon bulo da siminti da ƙofar ƙarfe suna ƙara cinye shi, ga kuma wayar ba ta watsawa da ƙarfi kamar na'urar gida mai eriya a waje. Bango biyu sun isa su sa ya faɗi ƙasa da 2.4, ko ya ɓace daga jerin kwata-kwata, mutum ya zaci na'urarsa ce ba ta iya ba. Gwajin mai sauƙi ne: kawo wayar kusa da kwamfutar kamar taku biyu. Idan sunan ya fito, nisa ne. Bayan an haɗu, rubuta:

```
netsh wlan show interfaces
```

Lambar Channel daga 1 zuwa 13 tana nufin kana 2.4, daga 36 zuwa sama kana 5. Duba Receive rate kana matsawa da kwamfutar. Idan ya sauko daga 433 zuwa ƙasa da 60 a inda kake zama, ko dai ka matso da wayar cikin ɗakin, ko ka mayar da hotsifot ɗin 2.4 ka bar ta a taga.